Cikar Anzim da Maganin Zazzaɓin Damina

 Ƙorafina tsoho ne, kun san shi: muna sa ɗalibi zana layin Lineweaver da Burk tun bai gane dalilin da ya sa saurin anzim yake da iyaka ba.

Ku je wurin mai injin niƙa a Tibiri. In mace ɗaya ce ta kawo gero, injin na zaman jira tsakanin ƙwarya da ƙwarya. In mata suka yi layi, ko an ƙaro ɗari garin da ke fita a awa ba zai ƙaru ba, don bakin injin ɗaya ne. Wannan cikar ce Michaelis da Menten suka sa a lissafi a 1913:

```
v = Vmax[S] / (Km + [S])
```

Mu ɗauka Vmax 100 ne, Km kuma 2. In [S], wato yawan abin da anzim ke sarrafawa, ya zama 2, sauri 50 ne, rabi daidai, kuma ma'anar Km ke nan. Kai shi 18, ka samu 90. Kai shi 198, ka samu 99. Ka ninka abin sarrafawa sau goma sha ɗaya, ribarka tara kacal.

Ga abin da ya fi damuna. Kowace damina ana bi gida-gida a Maraɗi da Jiratawa ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 silfadoksin da pirimetamin tare da amodiyakin. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana buƙatar PABA don haɗa folat. Silfadoksin ya yi kama da PABA, sai ya shige gurbinsa a jikin anzim ɗin DHPS ya zauna. Kishiya ce, gurbi ɗaya suke nema:

```
Km' = Km(1 + [I]/Ki)
```

In maganin da ke jini ya kai Ki sau huɗu, Km ya tashi daga 2 zuwa 10. A [S] na 2, sauri ya faɗo daga 50 zuwa kusan 17. Amma kai [S] zuwa 90, sauri ya koma 90. Vmax bai motsa ba, kuma da haka ake gane kishiya daga mai lalata anzim. In ƙwayar ta sauya siffar DHPS har Ki ya ninku huɗu, maganin nan dai zai tsaya da Km a 4, sauri ya haura 33. Bijirewar magani ke nan a lissafi.

Wasu abokan aikina sun ce miƙaƙƙen layin Lineweaver da Burk ya fi sauƙin gyara a jarrabawa. Haka ne, amma yana kumbura kuskuren ma'aunin da aka ɗauka a ƙaramin [S]. Ina roƙon sashenmu ya sa ɗaliban shekarar farko su cika jadawalin [S] da v da hannunsu, da kishiya da babu, kafin kowa ya juya lamba zuwa 1/v.