Folik asid da maganin ƙarin jini ga masu sikila



A nan Korahane, da an ga idon mutum ya yi fari sai a ce jini ya yi ƙasa, a nemo jar ƙwayar nan ta ƙarin jini wajen mai tallan magani ranar kasuwa. Ga mai sikila, wadda muke cewa emasi, wannan gaggawar tana iya cutarwa.

Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120 kafin ta mutu. Ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne. Saboda haka ɓargonsa ba ya hutawa, kullum ƙera sababbi yake, kuma aikin yana cin folik asid. Shi ya sa likitoci ke rubuta shi, galibi ƙwaya mai miligiram 5, a sha yadda suka tsara. Ba ya warkar da sikila, ba ya tsai da ciwon ƙashi idan ya taso. Kayan aiki ne ga ɓargo. Zogale, wake da gujiya ma suna da shi.

Sinadarin ƙarfe, wanda likitoci ke cewa fer, labarinsa daban ne. Idan ƙwayar jini ta fashe, jiki yana tattara ƙarfen cikinta ya sake aiki da shi, abin da yake zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. To, ku ɗauki saurayi mai sikila da aka yi wa ƙarin jini leda huɗu. Kowace leda tana da ƙarfe wajen miligiram 200, ke nan 800 sun shiga jikinsa. Sai kuma a ɗora masa jar ƙwayar da ake ba masu ciki, mai miligiram 60, kullum. Rarar tana taruwa a hanta da zuciya, shiru, shekara da shekaru, sai ɓarna ta yi nisa a gane. Kuma ku lura, ita wannan ƙwayar sunanta “fer da folik asid”, nan mutane ke ruɗewa su ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Mai sikila ma yana iya rasa ƙarfe, musamman mai ciki, ko yaro mai tsutsar ciki da ba a taɓa ƙara masa jini ba. Ido ba ya rarrabewa, sai awo. Awon yawan jini kaɗai bai isa ba, domin na mai sikila da ma ƙasa yake. Ku tambayi likita awon feritin, wanda ke nuna ajiyar ƙarfe. An fi so a yi shi lokacin da mutum ke lafiya, don zazzaɓin cizon sauro da tashin ciwo suna ɗaga shi. Idan babu a kusa, a nemi takardar turawa Dakoro ko Maradi, kuma a faɗa wa likita sau nawa aka taɓa ƙara jini.