Jawabin Ma'ajiya a Taron Cika Shekara: Kowane Kuɗi da Watansa



Maganata a kan kasafi ce. Takardar da ta ce za a kashe kaza amma ba ta faɗi yaushe ba, rabin kasafi ce. Bari mu ɗauki sana'ar man gyada da ƙuli-ƙuli mu gani.

A ce muna da naira 600,000 na aikin wata shida, daga Oktoba zuwa Maris. Wata za ta ce a raba daidai, 100,000 kowane wata. To, ai gyada ba ta san wannan lissafin ba. Da kaka take araha, Oktoba da Nuwamba. In muka raba daidai, 200,000 kacal ke hannunmu lokacin arahar, sauran gyadar sai mu saya bayan ta yi tsada.

Don haka aiki ake fara jerawa, sannan kuɗi ya biyo shi. Oktoba da Nuwamba: sayen gyada, dako da wurin ajiya, 360,000. Disamba zuwa Fabrairu: suya, markaɗe, itace da jarkoki, 50,000 kowane wata, wato 150,000. Maris: kai kaya kasuwa, 30,000. Sauran 60,000 na ko-ta-kwana ne, ba a taɓa su sai kwamiti ya zauna. Kun ga fiye da rabin kuɗin a wata biyun farko zai fita. Ke nan dole ya taru kafin ƙarshen Satumba, kuma duk mai bashin ƙungiya ta san ranar biyanta tun da damina. Kada a sayi jarkoki a Oktoba. Ba su da aiki sai mai ya fito, kuɗinsu gyada ya kamata ya saya.

Yaya za mu gane an kauce? Ƙarshen kowane wata, ma'ajiya da sakatariya su ajiye littattafansu gefe da gefe. A ƙarshen Janairu, in 100,000 sun fita daga kuɗin sarrafawa, ya kamata an sarrafa kashi biyu cikin uku na gyadar. In kashi ɗaya aka yi, kuɗi sun riga aiki, sai a tsaya a bincika kafin a saki na Fabrairu. In kuma kuɗin na nan ba a taɓa ba, kada mu yi murna wai an yi tattali. Aiki ne ya makara, gyada na zaune a buhu.

In wani aiki ya matsa gaba, a matsar da kuɗinsa tare da shi, a rubuta a gaban kowa.

Allah Ya sa albarka, Ya kai mu baɗi lafiya.