Wasiƙar Rakiyar Takardar Neman Tallafi: Lacca ga Ƙungiyoyin Sa Kai



An ce in yi magana kan imel ɗin da ake rako takardar neman tallafi da shi. Jami'in gidauniyar da zai buɗe shi yana da tarin irinsa a gabansa, kuma abu uku yake nema: me za ku yi, nawa kuke so, me kuka maƙala. Mu kuwa al'adarmu ce mu fara da doguwar gaisuwa, mu kawo tarihin ƙungiya tun kafuwarta, kuɗin kuma mu ɓoye shi can ƙasa saboda kunya. A zaure wannan ladabi ne. A nan ɓata wa mutum lokaci ne, kuma tarihin nan yana cikin takardar da kuka maƙala.

A ce ƙungiyarku za ta gyara rijiyoyin burtsatse. Ko da Turanci za ku rubuta, ko da Faransanci kamar 'yan uwanmu na Nijar, ga yadda ƙashin saƙon zai kasance. Bayan gaisuwa layi ɗaya, sai ku ce: “Muna neman tallafin naira 8,400,000 domin gyara rijiyoyi 12 a ƙauyuka 6 cikin wata 10. Mun maƙala bayanin aikin, da kasafin kuɗi, da takardar rajistarmu ta CAC.” Sai sunan wanda za a tuntuɓa, da muƙaminsa, da lambar wayarsa. Taken saƙon kuma ya ɗauki sunan ƙungiya da na aikin, da lambar sanarwar neman tallafin idan an bayar.

Bari in daɗe kaɗan a kan adadin nan, domin a nan ake yawan tuntuɓe. An rubuta imel tun farkon mako, daga baya ma'aji ya ƙara kuɗin sufuri, jimlar kasafi ta koma 8,900,000, imel na nan da tsohon adadi. Mai karatu zai ce mutanen da suka kasa daidaita lamba biyu, yaya za su riƙe lissafin wata 10? Haka kuma idan aikin duka miliyan 11 ne, al'umma za ta kawo sauran, ku faɗi duka biyun, ku fayyace wanne kuke nema. Ku ambaci irin kuɗin ma, naira ne, dala ce ko sefa.

Takardun kuwa, ku mai da su PDF sai in an nemi wani tsari, ku ba kowacce suna mai ma'ana, kamar `Kasafi_Rijiyoyi.pdf`. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB. Idan ya wuce, sai ya mai da shi mahaɗin Google Drive, wanda mai karɓa zai iya kasa buɗewa. Yawanci hotuna ne ke jawo haka.

Don Allah, kafin ku tura, wani dabam ya buɗe kowace takarda, ya gwada jimlar kasafi da adadin da ke cikin saƙon.