Bayan an watse biki: yadda ake rubuta bayanan gubar abinci



Duk wanda ya taɓa shirya walima ya san wayar da ake tsoro. Gari ya waye, aka kira ana cewa wance ta kwana amai, wane yana asibiti ana masa ƙarin ruwa. Kafin azahar an gama yanke hukunci a tsakar gida: salak ɗin ne, ko zobon, ko kuma a ce mai girkin ce ba ta da tsafta. Ana iya dacewa. Amma sau da yawa abincin da aka ɗora wa laifi shi ne kawai wanda mutane suka fi tunawa da shi. Abin da zai raba gardama takarda ce, kuma sai an rubuta ta a kwana ɗaya ko biyun farko, tun mutane ba su manta abin da suka ci ba.

Takardar nan jadawali ce, kowane mutum da layinsa. A sa masa lamba, a rubuta shekarunsa, ƙarfe nawa ya ci abinci, ƙarfe nawa ciwo ya fara, da abin da ya same shi: amai, gudawa, murɗar ciki, zazzaɓi, ko jini a bayan gida. Sannan kowane abinci yana da nasa gurbi, a sa "e", "a'a" ko "ban tuna ba". Jerin abincin kuwa daga wurin mai girki za a karɓo shi, a haɗa da abin da ba a ɗauka abinci ba, kamar ƙanƙara, ruwan sha, yaji, da kunun ayar da gwaggon amarya ta kawo daga gida. Idan ka tambayi mutum me ya ci, zai ce shinkafa da kaza ya yi shiru. Idan ka karanto masa jerin ɗaya bayan ɗaya, sai ya tuna har da alalar da ya gutsura a farantin abokinsa.

Kafin a fara ƙirga, a tsai da wanda za a kira majinyaci. Alal misali: duk wanda ya ci abincin taron, sannan ya yi amai ko gudawa sau uku a yini cikin kwana uku. Kada sunan abincin da ake zargi ya shiga wannan sharaɗi. In ya shiga, ka rubuta amsa tun ba ka yi tambaya ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne a tambayi marasa lafiya kaɗai, a bar waɗanda suka ci suka kwana ƙalau. Bari in nuna muku illarsa da wani misali da har yau ake koyar da ɗalibai da shi. Ranar 18 ga Afrilu, 1940, an yi liyafar dare a wani coci a gundumar Oswego ta jihar New York a Amurka. Mutum 80 suka halarta, aka samu zantawa da 75, kuma 46 daga cikinsu sun kwanta. A cikin majinyatan, 29 sun ci gasasshen naman alade. Wanda ya tsaya a nan zai ce an kama ɓarawo, tunda fiye da rabinsu sun ci. To amma mutum 46 ne suka ci naman, 29 suka kamu, wato kashi 63 cikin ɗari. Waɗanda ba su taɓa shi ba su 29 ne, 17 suka kamu, kashi 59. Da ci da rashin ci kusan duk ɗaya, saboda haka naman ya fita.

Sai aka zo kan askirim mai banila. Mutum 54 suka sha, 43 suka kwanta, kusan kashi 80. Mutum 21 ba su sha ba, 3 ne kawai suka kwanta, kashi 14. Raba 80 da 14, za ka ga wanda ya sha ya fi wanda bai sha ba haɗarin kamuwa fiye da ninki biyar. Lissafin bai wuce wannan ba, ɗan sakandare zai yi shi a bayan littafi, amma ba zai yiwu ba sai an san abin da masu lafiya suka ci.

Waɗancan mutum 3 da suka kwanta ba su sha ba fa? Kusan kowane jadawali yana zuwa da irinsu. Wani ya manta, wani an zuba masa da cokalin da ya taɓa abin, wani kuma da ma ciwonsa daban ne. A bar su yadda suke, kada a goge don lissafi ya yi kyau.

Yanzu ga lokaci, wanda shi ke nuna irin cutar. A Oswego mutum 22 kaɗai cikin majinyatan aka san sa'ar da suka ci, kuma tsakanin cinsu da fara ciwo matsakaicin lokaci awa 4 ne. Amai mai tsanani cikin 'yan awoyi haka alama ce ta gubar da ƙwayar sitafilokokus ta riga ta zuba a cikin abinci, kuma an samu ƙwayar a askirim ɗin, wanda aka haɗa tun jajibiri aka bar haɗin ya kwana kafin a daskarar da shi. Shinkafar da ta daɗe a ajiye ita ma kan jawo amai cikin awa 6, ta hanyar ƙwayar basilus. Idan kuwa gudawa ce da murɗar ciki bayan awa 6 zuwa 24, ba amai sosai ba zazzaɓi, a waiwayi babbar tukunyar nama ko miya da ta huce a hankali, domin nan kulostiridiyum ke yaɗuwa. Zazzaɓi da gudawa daga awa 6 har kwana 6 sun fi kama da salmonela. Wannan duka hasashe ne mai tushe. Ɗakin gwaje-gwaje ne ke tabbatarwa.

Shi ya sa "da daddare" ba amsa ba ce. Mutanenmu da salla suke auna lokaci, to a bi su ta nan: kafin isha'i ne ko bayanta, an kira asalatu ko tukuna? Lokacin da aka ɗauki hoto a waya ma yana taimakawa. Kuma bikinmu ba ci ɗaya ba ne. Akwai kamu, akwai yini, akwai dina, ga robar abinci da aka kai gida yara suka ci da safe. A Oswego an samu yaron da ciwonsa ya fara da ƙarfe 3 na yamma, kafin a zauna liyafar, ashe tun ƙarfe 11 na safe ya sha askirim ɗin. Irin wannan mutum ya fi goma amfani, domin abu kaɗan ya ci.

Mai girki ita ma tana da shafinta: yaushe aka sauke kowace tukunya, yaushe aka zuba a kula, yaushe aka raba, ko an ɗauke wuta, ko wani ma'aikaci yana da gyambo a hannu ko gudawa. Tsakanin digiri 5 da 60 na Salsiyos ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma kular da aka cika da hantsi aka buɗe bayan magariba ta daɗe a wannan tsakani. A tambaye ta cikin mutunci. Wadda aka fara da zagi za ta zubar da ragowar abinci, shaida ta tafi ke nan.

Ragowar abincin a ƙulle ta a mazubi mai tsafta, a rubuta suna da lokaci, a sa a firji. Majinyata su ba da bayan gida a asibiti kafin su fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sunayen mutane kuma ba na zauren WhatsApp ba ne. A kai takardar ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko duba-gari. In kuwa gudawar ta zo kamar ruwan shinkafa, kada a jira jadawali ya cika, a kai majinyaci asibiti a kuma sanar da hukuma a ranar, domin yana iya zama kwalara.