Idon da Ƙwaƙwalwa Ta Juya wa Baya

 

Ciwon da zan yi magana a kansa likitoci na kiransa ambiliyofiya, wasu kuma su ce malalacin ido. A cikin yara ɗari, biyu zuwa uku na ɗauke da shi. Ido ne da sau da yawa in an duba shi lafiyarsa ƙalau, amma ba ya gani sosai, domin ƙwaƙwalwa ta daina karɓar saƙonsa.

Jariri koyon gani yake yi, kamar yadda yake koyon tafiya. Idan ido ɗaya na aika hoto garau, ɗayan kuma dishi-dishi, sai ƙwaƙwalwa ta riƙe mai kyau ta yi watsi da ɗayan. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna haka da 'ya'yan kyanwa: sun rufe musu ido ɗaya tun suna ƙanana, da aka buɗe daga baya sai ga ido lafiya, gani kuwa babu. Babbar kyanwa da aka yi wa haka ba abin da ya same ta. Aikin ya sa sun samu kyautar Nobel a 1981. A wurin ɗan Adam, wannan koyo ya fi ƙarfi daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8.

Alamar da kowa ya sani ita ce harara-garke. A watannin farko idon jariri kan ɗan karkace lokaci-lokaci, amma in ya wuce wata huɗu abin bai daina ba, kada a ce zai miƙe da kansa. A kuma lura da yaron da ke karkata kai ko runtse ido ɗaya in zai kalli abu, da wanda fatar idonsa ta sauko ta rufe ƙwayar. Farin ɗigo a tsakiyar baƙin ido kuwa, ko da a hoton waya aka gan shi, ba a kwana da shi. Yana iya zama yanar ido, wadda in da ita aka haifi jariri ana so a cire ta cikin makonnin farko, yana kuma iya zama ciwon daji.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba ya nuna komai. Mu ɗauki yarinya 'yar shekara huɗu, idanunta a miƙe, tana wasanta, ba ta taɓa kukan ido ba. Ta ina za ta yi, alhali haka ta taso ta ga duniya? Sai mahaifiyarta ta sa tafin hannu ta rufe mata idon hagu: shiru. Ta rufe na dama, sai yarinya ta ture hannun tana kuka, domin an rufe mata idon da ta dogara da shi. A asibiti aka auna, dama 6/6, hagu 6/24, wato abin da mai lafiyar ido ke hangowa daga mita 24, sai ta matso mita 6 take ganinsa. Aka ɗiga mata magani aka gwada, aka tarar idon hagu na bukatar gilashi mai ƙarfi fiye da na dama nesa ba kusa ba.

Matakin farko tabarau ne, ta riƙa sawa duk yini, wata uku zuwa huɗu. Wasu yaran da wannan kaɗai suke warkewa. In da saura, sai a liƙe mata ido na awa biyu kullum, mai tsanani kuma har awa shida. A nan ake samun tangarɗa a gida. Kaka ta ga an liƙe idon dama, ta ce ai wannan ne mai lafiya, likita ya yi kuskure. Bai yi ba. Mai lafiyar ake rufewa don a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta koma ga wanda ta yasar. A lokacin liƙin a ba yarinyar zane, ko ta tsince tsakuwa cikin wake. Kuma a fata ake manna liƙin, domin in a kan tabarau aka sa, za ta leƙa ta gefe. Yaron da ya ƙi liƙi sam, likita na iya ba shi ɗigon atirofin, wanda ke dusashe ganin ido mai kyau na ɗan lokaci.

Abu biyu nake roƙonku. Kada a ƙara awoyi don a yi sauri, domin idon mai kyau ma yana iya rauni. Kada kuma a daina kai tsaye da an ga sauƙi, domin kusan ɗaya cikin huɗu ciwon kan dawo musu a shekarar farko. Likita ne zai rage a hankali.

Da yarinyar nan ta kai shekara goma sha biyu kafin a gane, za a gwada, kuma akan samu wani abu, amma da wuya ya kai na mai shekara huɗu. Ta girma da ido ɗaya ke nan, ranar da tsautsayi ya faɗa wa wannan ɗayan kuwa, ba ta da madogara. Saboda haka a auna kowane yaro, ido ɗaya bayan ɗaya, tsakanin shekara 3 zuwa 5, ko da bai ce komai ba. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen ido. Bai san baƙaƙe ba tukuna? Da hotuna ake auna shi.