Sifili a Takardar Mamogiram: Ma'anarsa ga Matar da Aka Ce Ta Dawo a Ƙara Hoto



Mu ɗauki misalin mace 'yar shekara 46 daga Diggi. Ta biya kuɗin mota ta bi ta Kalgo har Birnin Kebbi, an yi mata hoton mama, wato mamogiram. A ƙasan takardar sakamakon an rubuta `BI-RADS 0`, aka ce ta dawo. A hanyar gida wata ta ce mata sifili ai babu komai ke nan. Wata kuma ta ce likita ba ya kiran mutum sau biyu sai ya ga sankara. Duka biyun sun yi kuskure, kuma kowanne cikinsu na iya hana ta komawa.

Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ce ta fito da wannan ma'auni, daga 0 zuwa 6, don likitoci su riƙa magana da baki ɗaya. Sifili na nufin ba a gama karatu ba. A zuwan farko hoto huɗu ake ɗauka, biyu a kowane nono: ɗaya daga sama, ɗaya a karkace ta wajen hamata. Nono kuwa nama ne bisa nama, idan aka matse shi sai wani sashe ya hau wani, ya yi inuwa mai kama da ƙullutu. Likita ba zai rantse a kan inuwa ba, musamman idan wannan ne hotonta na farko, babu tsoho da zai gwada da shi.

Idan ta koma, za a sa ƙaramin faifai a danne daidai wurin. In inuwa ce, sai ta baje ta ɓace. In ɗige-ɗigen fari aka gani kamar garin alli, za a ɗauki hoto mai ƙara girma a duba siffarsu. Sau da yawa a bi da sikanin, irin wanda mata suka sani a awon ciki, domin shi ke bambanta jakar ruwa da curin tsoka. Kada ta shafa hoda ko turare a hamata da ƙirji ranar, suna iya fitowa a hoto kamar waɗancan ɗige-ɗige. Ta riƙo hoton farko da takardarsa.

A ce sikanin ya nuna jakar ruwa ce zalla mai santsin gefe. Sifilin ya koma 2: an ga abu, ba sankara ba ne. Da inuwar ta ɓace ɗungurungum, 1 za a rubuta. Lamba 3 ce ta fi ba mu wahala wajen bayani. Yiwuwar sankara a nan bai wuce 2 cikin 100 ba, don haka ba a taɓa wurin, ana cewa ta dawo bayan wata 6 a ga ko ya canza. Wata shida a ƙauye sun isa takarda ta ɓata a ƙasan akwati, shi ya sa nake roƙon ma'aikatanmu su ɗaura ranar da abin da ba a mantawa, kamar azumi ko girbin shinkafa.

Lamba 4 da 5 na buƙatar a ɗebo ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Huɗu faɗi gare ta, daga sama da 2 zuwa ƙasa da 95 cikin 100, har aka raba ta `4A`, `4B` da `4C`. Mai `4A` yiwuwarta ba ta haura 10 cikin 100 ba. Biyar ta kama daga 95. Shida kuwa ta wadda gwajin nama ya riga ya tabbatar mata ce.

A Amurka, inda ake yi wa mata hoton nan ba tare da sun ji komai a jiki ba, cikin goma da aka sake kira, wadda ake samu da sankara ba ta kai ɗaya ba. Ina faɗin wannan da taka-tsantsan, domin yawancin matanmu ba sa zuwa sai hannu ya taɓa ƙullutu, kuma wancan lissafi ba nasu ba ne. Mamogiram na iya kuskure sankara a nono mai cikar nama, wanda takarda ke nunawa da harafin `c` ko `d`, haka ma a nonon mai shayarwa. Matar da ke jin curi mai tauri, ko jini na fita ta kan nono, ko kan ya lotsa ciki, ko da 1 aka rubuta mata, ta koma likita ya duba da hannu, a yi sikanin, in curin na nan a ɗebi naman.