Jawabin Malamin Gona: Hattara da Tsohuwar Gujiya

Yau zancenmu a kan gujiyar da ta kwana biyu cikin ajiya ne.

Mu ɗauki manomi da ya ajiye buhu goma da kaka. Ya jera su a ƙasa, ya jingina su da bango. Da ɗari da bazara iska busasshe ne, gujiyar tana lafiya. Amma da damana ta sauka, iska ya ɗauki laima. Ƙasa da bango su ma suna jiƙa. Gujiya kuwa tana shan laima kamar yadda gishiri yake sha. Lokacin malka, buhunan ƙasa da na jikin bango su ne suke fara funfuna.

Wannan funfuna tana fitowa kore-kore, ruwan ɗorawa-ɗorawa. Tana son zafi da laima. Tana shiga ta inda kwanso ya fashe, ko inda ƙwaro ya huda. Cikin ƙwaya take zuba wani dafi da masana suke kira afalatokisin.

Ga abin da ya sa tsohuwar gujiya take da haɗari. Dafin taruwa yake yi, ba ya raguwa. In kun shanya ta a rana, funfuna ta tsaya, amma dafin yana nan. Suya da dahuwa ba su gama da shi. Yana bi cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza. Ido ba ya ganinsa, har ƙwaya mai kyan gani tana iya ɗauke da shi.

Hanta yake ci. In an ci da yawa, ido ya yi shawara, ciki ya kumbura, har a mutu. In ana ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, yana kawo kansar hanta, yana kuma tauye girman yara. A 1960, a Ingila, talo-talo wajen dubu 100 suka mutu don sun ci tunkuzar da aka kawo daga Barazil. Daga nan aka gano dafin.

To, mi za mu yi? Kada ku ajiye sai ta bushe sarai. Ku girgiza: in ƙwaya tana kaɗawa cikin kwanso, in kuma kun ciza ta karye ƙas, ta bushe. Ku ajiye ta da kwansonta, don ɓararriya ta fi saurin lalacewa. Ku ɗora buhuna bisa itace, ku bar fili tsakaninsu da bango, iska ya ratsa. Ku gyara rufi tun kafin ruwan farko.

Da damana ku riƙa buɗe buhu kuna dubawa. Ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta sake launi, ko mai ɗaci, ko mai warin ruma, ku tsince ku ƙone. Kada ku ba yara. Kada ku ba bisashe, don dafin yana fitowa cikin nonon saniya da na akuya.

Allah ya ba mu lafiya.